Yadda ake zaɓar wa kulob ɗin makaranta dabba da sunan da ɗalibai za su riƙa kira a fili

Shekarar da aka ba ni riƙon wasanni a makarantarmu, mu malamai huɗu muka zauna a ofis muka raɗa wa kulob ɗin ƙwallon ƙafa suna. Sunan Turanci ne mai kalma biyar, an haɗa sunan unguwa da na makaranta da wata kalma mai nufin taurari. Muka kai wa mai fenti ya rubuta a ƙyalle, ya yi kyau ƙwarai. Ranar wasanmu na farko na tsaya a bakin fili ina jiran in ji ɗalibai sun kira shi. Har aka tashi ba wanda ya furta shi ko sau ɗaya. Da aka ci ƙwallo, ihu kawai suka yi, wasu kuma suka kama kiran sunan yaron da ya ci. Ƙyallen yana rataye a jikin darbejiya iska tana kaɗa shi.

A zangon da ya biyo baya muka sake aikin daga tushe, kuma yadda muka bi shi ne zan shimfiɗa a nan. Abin da ake nema abu biyu ne a haɗe: wata dabba ko wani abu da zai zama alamar kulob, a zana shi a tuta, wani ɗalibi ya yi shigarsa ranar wasa, da kuma sunan da za a riƙa kira. Suna ake fara gamawa kafin a je wurin tela, domin shiga ana iya sake ɗinka ta, amma sunan da bai zauna a baki ba ya mutu ke nan.

Fara da kasa kunne

Kafin ka tambayi kowa komai, ka yi mako guda kana sauraron abin da yaran suke kiran kansu da shi idan ba malami a kusa, da abin da makarantun maƙwabta suke kiransu. Dubi Kano Pillars. A takarda sunanta ke nan, amma wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san abin da ke tashi daga bakin 'yan kallo shi ne "Sai Masu Gida". A Nijar kuma ana ce wa ƙungiyar ƙasa Mena, sunan wata irin barewa ta yankin sahara, gaɓa biyu kacal. Wikki Tourists ta Bauci ta ɗauko sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke Yankari, giwa kuma ita ce alamarta. Dukansu abin da ke kusa da mutanensu suka ɗauka.

Bayan makon nan sai a buɗe ƙofa. Mu abin da muka yi shi ne kowane aji ya kawo suna uku ta hannun monita, cikin kwana biyar, da sharaɗi guda: ya zama abin da za a iya zanawa. Wannan sharaɗin shi ke kore irin su Nasara da Hazaƙa da Jajircewa, waɗanda malamai ke so amma ba wanda ya san kamanninsu. Azuzuwanmu 18 ne, da aka cire maimaici sai sunaye ashirin da 'yan kai suka rage. Zaki ya fi kowanne yawan fitowa, kuma shi muka fara ajiyewa gefe, saboda makarantu biyu a ƙaramar hukumarmu sun riga sun ɗauke shi. Ranar da Zaki ya haɗu da Zaki, ihun kowa na abokin hamayyarsa ne.

Tacewa

Nan ne kawai manya ke da ta cewa, kuma a taƙaice. Kwamitin kada ya wuce mutum biyar: malamin wasanni, malamin Hausa, malamin addini, da ɗalibai biyu, mace da namiji idan makarantar a haɗe take. Aikinsu cirewa ne, ba zaɓa ba.

A cire duk dabbar da sunanta zagi ne a bakin Bahaushe, ko da a wata ƙasa ana ganin girmanta. Jaki da biri da kare da alade ba sai an faɗa ba. Kura tana da ƙarfi, yara maza kuma suna son ta, amma a tatsuniya da karin magana ita ce mai kwaɗayi da tsoro da sata, ba uban da zai so a ce ɗansa ɗan Kura ne. Mujiya a ƙasashen Turai alamar ilimi ce, shi ya sa ake ganin ta a tambarin makarantu, a wurinmu kuwa tsuntsuwar da ake camfawa ce. A cire abin da ya shafi jam'iyya, irin su tsintsiya da lema da jar hula, domin ranar da aka fito da su a fili wani zai karanta abin da ba a nufa ba. A cire sunan da ke nuna ƙabila ko addini ko unguwa ɗaya daga cikin unguwannin da yara ke fitowa. Sannan a tambayi manyan ɗalibai a keɓe ko akwai sunan da wata ƙungiyar 'yan daba ke amfani da shi a gari. Wannan malami ba zai sani ba, su ne suka sani.

Da muka gama, biyar suka rage: 'Yan Kuka, Zakara, Zirnaƙo, Shaho, Damisa.

A ba abokin hamayya sunan tun a gida

Wannan matakin ne na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Duk sunan da ka fitar, 'yan ɗaya makarantar za su juya shi cikin minti biyar, musamman idan suna cin ku. Gara ka ji juyin a cikin aji da ka ji shi a gaban jama'a. Ka tara ɗalibai goma da aka sani da tsokana da kaifin baki, ka ce musu yau su 'yan makarantar hamayya ne, su yi wa kowane suna abin da za su iya.

'Yan Kuka shi ne sunan da ni kaina na fi so. Akwai tsohuwar kuka a bakin ƙofar makaranta, da ita ake kwatancen mu a gari, yara ma sun daɗe suna kiran kansu haka. Ban ga matsalar ba sai da wata yarinya 'yar aji biyu ta miƙe ta ce, "Malam, idan aka rubuta shi a tuta fa? Ai kuka da kuka duk ɗaya ne." Ta sa hannu biyu a ido ta fara kwaikwayon mai share hawaye, ajin ya fashe da dariya. Gaskiyarta. A baki karin sauti yana raba bishiyar da zubar hawaye, amma rubutun boko ba ya nuna karin, abokin hamayya kuma da gangan zai karanta wanda ya fi mana ciwo. Nan take sunan ya faɗi. Duk sunan da ke cikin jerinka ka rubuta shi a allo ka duba ko yana da tagwai irin wannan.

Zakara yana da ƙarfin da ba wanda ya kai shi, tunda kalmar ita ce kuma ake kiran wanda ya lashe gasa da ita, ga karin maganar zakaran da Allah ya nufa da cara a shirye. Amma yaran suka yi masa rubdugu: "A fige!" "A kawo wuƙa!" "Yau akwai farfesu!" Sun yi ta kawowa ba su ƙare ba. Shaho bai sha duka sosai ba, ɓarawon 'yan tsaki kawai aka ce masa. Damisa kuma aka ce mata Kyanwar Lami, ba kya cizo ba kya yaƙushi, aka riƙa yi mata "mus, mus".

Ba sunan da zai fita ba tabo. Abin dubawa shi ne ko tsokanar tana da amsa. Wadda za a iya mayar wa martani da kalma biyu ba ta da illa, tana ma ƙara wa wasa armashi. Wadda ta taɓa mutuncin yara, ko ta sa su sunkuyar da kai ba abin cewa, ita ce ke kashe suna. Da aka ce wa Damisa Kyanwar Lami, wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Zo ki shafa mana!" Na rubuta wannan a littafina.

Gwajin fili

Sunaye huɗu suka fita fili. Ga yadda ake yi. A ɗebi ɗalibai kamar talatin, a haɗa ƙanana da manya, maza da mata, a tsayar da su a bakin raga ɗaya. A ɗaya ragar, wato tazarar kusan mita ɗari, a tsayar da mutum uku da ba su ga jerin sunayen ba. Mu mun roƙi Baba mai gadi, da matar da ke sayar da awara a ƙofa, da wani malamin lissafi. Kafin yaran su fara, a sa su zagaya fili sau ɗaya a guje, domin a ranar wasa ba da hutaccen numfashi ake ihu ba. Sai su kira kowane suna sau goma a jere, waɗancan kuma su faɗi abin da suka ji.

Zirnaƙo ya mutu a nan. Kusa da kusa suna ne mai daɗi, ga kuma ma'ana: ƙaramin abu mai mugun harbi. Amma daga nesa haruffan tsakiyarsa suka narke. Na tambayi mai gadi, "Baba, me suka ce?" Ya ce, "Wallahi Malam, na dai ji wani abu mai ƙarewa da ko." Baƙaƙen da ake matse maƙogwaro ko leɓe wajen furta su ba sa tafiya nesa, haka ma baƙi biyu da suka haɗu a tsakiyar kalma. Wasula ne ke ɗaukar ihu, kuma "a" da "o" sun fi "i" da "u" kai wa nesa saboda baki a buɗe yake. Sunan da ya ƙare da dogon wasali buɗaɗɗe ana iya jan sa har numfashi ya ƙare.

Tsawo ma yana da hukunci. Gaɓa biyu ko uku ake so. Gaɓa ɗaya ba ta da inda za a kama, huɗu zuwa sama kuma taro ba ya iya haɗa baki a kansu, wasu suna farkon kalma wasu sun kai ƙarshe. Idan kana son tabbatarwa, ka sa su tafa hannu a kan kowace gaɓa. In tafin ya haɗu tun a karo na biyu ko na uku ba tare da ka ba da umarni ba, sunan yana da kari. Sannan ka dubi fuskokinsu a kira na takwas da na tara. Sunan da suke so, muryarsu ƙaruwa take yi, har wasu su fara tsalle. Wanda ba sa so kuwa, tun a na biyar za ka ji 'yan gaba kaɗai suka rage.

Zakara da Shaho da Damisa duka an ji su sarai. Su ukun muka kai ƙuri'a.

Ƙuri'ar ba ta buƙatar takarda. Bokiti uku masu murfi da aka huda, kowanne da zanen dabbarsa, a bayan labule a cikin aji guda. Kowane ɗalibi a ba shi murfin kwalbar lemo ɗaya a bakin ƙofa bayan an yi wa sunansa alama a rajista. A ƙirga a taron safe a gaban kowa. Malamai kada su jefa, kuma shugaban makaranta ya amince tun kafin a fara cewa duk wanda ya ci a cikin ukun ya zauna. Idan aka soke zaɓin yara bayan sun yi, ba za su sake ɗaukar sunan a matsayin nasu ba. Damisa ce ta ci, Zakara na bin ta kusa.

Kirari da amshi

Suna shi kaɗai yana gajiyarwa bayan minti biyu. Abin da ke riƙe taro tsawon wasa shi ne bayarwa da amsawa, yadda ake yi a waƙar gaɗa da filin dambe. A nan dabbar da Bahaushe ya riga ya yi wa kirari ta fi wadda za a ƙirƙira wa sabo, kuma da zan ba da shawara ɗaya tak wajen zaɓe, ita ce a nemi mai kirari. Ɓauna saniyar sake ce, zaki manyan dawa, damisa kuwa ƙi sabo. Ba yaron da sai an koya masa.

Mai bayarwa: Damisa!
Taro: Ƙi sabo!

Gaɓa uku ne da gaɓa uku, don haka bugu uku na ganga ko na jarka ya ɗauke kowane ɓangare. Za ka lura amshin ya fara da harafin da na ce ba ya tafiya nesa. Bai zama matsala ba, domin "sabo" da ke binsa a buɗe yake, kuma duk mai jin Hausa da ya ji "damisa" ya riga ya san abin da ke tafe.

Kirari uku sun isa, kowanne da lokacinsa. Na farko shi ne wancan, na shiga fili da na kowane lokaci. Na biyu na cin ƙwallo ne: "Wa ya taɓa?" a amsa "Ya ji farce!" Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, na lokacin da ake cin ku. Ba tare da shi ba, da an zura muku ƙwallo ɗaya gefenku zai yi tsit, a daidai lokacin da 'yan wasa suka fi buƙatar murya. Namu shi ne "Ta gudu ne?" a amsa "Laɓewa ta yi!" Doka guda muka kafa: kirari na yabon kai ne, ba a ambaton ɗaya makarantar, ba a ambaton iyayen kowa, ba a taɓa alƙalin wasa. A zaɓi masu bayarwa biyu ko uku su riƙa karɓeɓeniya, don murya ɗaya ba ta kai hutun rabin lokaci.

Shigar

Kafin a sayi yadi, a zauna da malamin addini da wakilan iyaye. Akwai iyayen da ba sa son a sassaƙa ko a ƙera siffar abu mai rai, akwai kuma waɗanda rufe fuska gaba ɗaya ke tuna musu da dodanni. Damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da mafita mai sauƙi: hula mai kunnuwa wadda ta bar fuska a buɗe, da riga da wando masu zanen fatar dabbar. Yaranmu sun saba da irin wannan a tashe, inda ake manna gemun auduga a yi shigar tsoho kowa kuma ya san ɗan gidan wane ne. A tuta ma ana iya wadatuwa da sawun ƙafar damisa da zanen fatarta.

Buɗaɗɗiyar fuska tana da wata fa'idar, wato zafi. Katon kan soso irin wanda ake gani a talabijin an yi shi ne don wani yanayi daban. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, sa yaro a cikinsa haɗari ne. Idan an dage sai an yi kai rufaffe, a gina shi a kan hular kwano mara nauyi mai igiyar haɓa, a bar babbar kafa a gaba a rufe ta da baƙar raga don gani da numfashi, a huda sama don iska ta fita.

Yadin ya zama na auduga, ruwan ɗorawa, kamar yadi huɗu ga ɗalibin babban aji, a ɗinka da yalwa don ya shiga mutum fiye da ɗaya. Riga daban, wando daban, saboda cirewa da sauri. Ga ɗaliba, a yi doguwar riga mai faɗi da hijabi mai zanen iri ɗaya, kunnuwan a ɗinka su a kan ɗan madauri da za a ɗora a sama. Zanen a kai wa masu buga riguna, ko a yanka kwali a yi da fentin yadi. A nuna musu hoto tukuna: zanen jikin damisa zobba ne baƙaƙe da ba su gama haɗewa ba, tsakiyarsu ta ɗan fi duhu, ba ɗigo-ɗigo cikakku ba. Girman kowanne ya kai tafin hannun yaro, in ba haka ba daga nesa rigar za ta zama kamar ta yi datti. Wutsiya a cusa mata tsumma, a maƙala ta da maɓalli, kada a ɗinke ta a jiki. Ba makawa sai 'yan aji ɗaya sun ja ta, kuma gara ta cire a hannunsu da ta kayar da mai ita. Takalmi na wasa kawai, ba a yi wa ƙafa ado.

Su 'yan aji ɗayan ne ma suka raɗa wa mai shigar suna. Ranar da aka fara fito da ita a taron safe suka kama kiran "Roɗi-roɗi", ya kuma bi ta. Kulob Damisa, mai rawa a bakin fili Roɗi. Kada ka yi gaggawar sa wannan suna na biyu da kanka, ka jira kwana biyu ka ji.

Wanda zai sa, da ranar wasa

A zaɓi ɗalibai biyu ko uku da suka nuna suna so, da yardar iyayensu. Kada a taɓa mayar da shigar horo, kada kuma a ba wa yaron da ake yawan tsokana don a samu abin dariya. Wanda ake nema shi ne mai rawa da sakin jiki wanda kuma ba ya saurin fushi. Kowanne ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin ya sauka inuwa, ya cire hula, ya sha ruwa. A haɗa shi da ɗan rakiya mai riƙe da gorar ruwa, wanda zai kare shi daga cincirindon yara, ya kuma lura da shi. Idan ya ga ya fara tangaɗi, ko ya daina amsa magana da kyau, ko ya ce kansa na juyawa, a cire masa kayan nan take, a zuba masa ruwa a jiki, a kira malami.

Roɗi tana shiga gaban 'yan wasa lokacin fitowa, tana zama a gefenmu na fili, ba ta tsallaka layi sai an tafi hutu, ba ta zuwa gaban magoya bayan ɗaya makarantar. A wasanmu na uku wani daga cikin masu sa ta ya zagaya can yana kaɗa musu wutsiya, aka jefe shi da ledar ruwa, saura kaɗan abin ya zama faɗa. Tun daga ranar dokar ta zama rubutacciya, kuma ɗan rakiya ne ke da alhakin tsare ta.

Bayan kowane wasa a wanke kayan a shanya a rana, musamman hular, tunda kai fiye da ɗaya ke shiga cikinta kuma makero ba ya jin kirari. Kowane mai sawa ya riƙa ɗaura ɗan ƙyallensa a ciki. A ajiye su a akwatin ƙarfe a ofishin malamin wasanni saboda ɓera da gara, tare da takarda mai ɗauke da kirarin uku, da guntun yadin, da kwalin zanen, don tela na gaba ya san abin da zai kwaikwaya. A zangon ƙarshe na kowace shekara, kafin 'yan aji shida su fita, a sa su miƙa hular da gangar ga waɗanda za su gaje su a gaban taron safe, mai bayarwa mai barin gado ya kira "Damisa!" sau ɗaya, sabon ya karɓa daga na biyu.